Bariyans ya fito −160: yadda wata ɗaliba ta warware lissafin densiti guda

Asalin lamarin

Ɗalibar tana shekara ta biyu a jami'a, tana ɗaukar darasin yiwuwa da ƙididdiga. A shekarar farko ta ci kalkulas da maki mai kyau, kuma sashen da ya gabata, inda X ke ɗaukar ƙimomi ɗai-ɗai kamar fuskokin ludo, bai ba ta wahala ba. A can ana ninka kowace ƙima da yiwuwarta, a tara. Matsalar ta soma ne da aka shiga X mai iya ɗaukar kowace ƙima a kan layi ba tare da tsalle ba, irin su lokaci ko tsawo ko nauyi, inda intigiral ke maye gurbin tarawa, densiti f(x) kuma ya maye gurbin jerin yiwuwa.

Tambayar da aka ba su a aikin gida ita ce wannan. X lokacin jira ne, a minti, kafin kira na biyu ya shigo layin waya. Densitinsa shi ne:

```
f(x) = k x e^(-x/2),   x > 0
f(x) = 0,              x ≤ 0
```

Ana so a nemo matsakaicin da ake tsammani E[X], da bariyans Var(X), wato ma'aunin warwatsuwar X a kewayen matsakaicinsa, sannan a nemo M(t), fankshan ɗin da ke samar da momen-momen na X, wato E[X], E[X²] da sauransu, a yi amfani da shi a tabbatar da amsoshin biyu na farko. Ni ke duba aikin rukuninsu, don haka takardunta sun riƙa bi ta hannuna daga farkon lamarin har ƙarshensa.

Makon farko: amsar da ba ta yiwuwa

A takardarta ta farko ba ta nemi k ba. Ta ɗauke shi 1, ta wuce. Intigireshan ɗin da ta yi kashi-kashi babu kuskure a ciki ko ɗaya: intigiral na x² e^(−x/2) daga 0 zuwa ∞ ya ba ta 16, na x³ e^(−x/2) ya ba ta 96. Sai ta rubuta:

```
E[X]   = 16
E[X²]  = 96
Var(X) = 96 - 16² = -160
```

Ana ganin wurin da ta soke alamar debewa da biro, ta bar 160, ta ja masa layi biyu a ƙasa. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Malam, na san bariyans ba ya zama ƙasa da sifili, sai na ɗauka na juya lissafin ne wajen debewa."

Ba ta juya ba. Mun koma ga asalin ma'anar bariyans, wato intigiral na (x − μ)² f(x), inda μ yake nufin E[X]. Sikwaya ba ta sauka ƙasa da sifili, densiti ma haka, don haka jimillarsu ba ta da hanyar sauka. Gajeriyar hanyar da kowa ke bi, E[X²] − μ², daga buɗe wannan sikwayar take fitowa, kuma a gaɓarta ta ƙarshe akwai μ² sau intigiral na f(x). Ana rubuta wannan intigiral ɗin 1 ne saboda jimillar yiwuwa 1 ce. A lissafinta filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar 4 ne. Wannan ya ninka E[X] sau 4 kuma ya ninka E[X²] sau 4, amma da aka yi wa E[X] sikwaya sai ninkin ya koma sau 16. Abin da ake debewa ya kumbura fiye da abin da ake debewa daga cikinsa, shi ya sa amsar ta faɗa ƙasa da sifili.

Gyaran layi ɗaya ne: k sau 4 dole ya ba da 1, saboda haka k = 1/4. Na kuma nuna mata ƙa'idar da ke rage maimaita intigireshan kashi-kashi, wadda ke aiki muddin a ya fi sifili:

```
∫[0,∞) x^n e^(-ax) dx = n! / a^(n+1)
```

Da a = 1/2 aka samu:

```
E[X]   = (1/4)(2!/(1/2)³) = 16/4 = 4
E[X²]  = (1/4)(3!/(1/2)⁴) = 96/4 = 24
Var(X) = 24 - 16 = 8
```

Matsakaicin jira minti 4 ne. Bariyans 8 ne, amma ma'auninsa minti sau minti ne, shi ya sa ake ɗaukar tushensa, √8, kusan minti 2.83, in ana so a kwatanta shi da lokacin jiran kansa.

Mako na biyu: zanen ya ce 2, lissafi ya ce 4

Ta dawo da zanen f(x). Lanƙwasar ta tashi daga sifili, ta kai ƙololuwa a x = 2 inda tsayinta yake kusan 0.184, sannan ta gangara a hankali zuwa dama. Hujjarta ita ce, tunda nan ne densiti ya fi tsayi, nan ya kamata a yi tsammanin X, kuma 4 ya yi nisa da wurin. Ba ta yarda da intigiral ɗin ba, sai ta yanke shawarar gwada shi da lambobi. Ta yanka layin daga 0 zuwa 10 a tazarar 0.5, ta lissafa x f(x) da x² f(x) a kowane wuri, ta tara da dokar tirafiziyam. Ta tsaya a 10 ne saboda a ido lanƙwasar ta riga ta kwanta a kan layi: f(10) bai kai 0.02 ba.

Teburin ya ba ta kusan 3.50 a matsayin E[X], kusan 17.64 a matsayin E[X²], bariyans kuma kusan 5.4. Yanzu tana da amsoshi uku na matsakaici, 2 da 3.5 da 4, ga bariyans ɗin tebur da ya gaza 8 da kusan kashi ɗaya cikin uku.

An fara da teburin. Ga wannan densitin, yiwuwar X ya wuce x tana da tsari mai sauƙi, (1 + x/2) e^(−x/2). A x = 10 wannan 6e^(−5) ne, kusan 0.04. Wato abin da ta yanke kashi 4 cikin ɗari ne kawai na yiwuwa, kuma da yiwuwa ake nema da yankan bai yi ɓarna sosai ba. Amma a E[X] ana ninka kowane ɗan guntun yiwuwa da x, a E[X²] kuma da x². Guntun da ke x = 12 ana ninka shi da 144, na x = 2 ana ninka shi da 4 kacal. Shi ya sa wannan 'yar wutsiyar ta kashi 4 cikin ɗari take ɗauke da kusan kashi 12 cikin ɗari na E[X], da fiye da kwata na E[X²]. Da ta ja teburin zuwa 20, matsakaicin ya hau 3.99, E[X²] ya hau 23.75, bariyans ya kai kusan 7.84. Ko a 20 ɗin bai cika 8 ba.

Batun ƙololuwa ya ɗauki lokaci fiye da haka, don ba kuskuren lissafi ba ne. E[X] wurin daidaituwa ne. In aka yanka katako a siffar lanƙwasar nan aka ɗora shi a kan tsini, inda zai tsaya ba tare da ya karkata ba shi ne E[X], kuma ɗan nauyin da ke can nesa a hannun dama yana rinjayar mai yawa da ke kusa. Ƙololuwa tana 2. Wurin da ya raba yiwuwa gida biyu daidai yana kusan 3.36. Matsakaici yana 4. Ta lissafa yiwuwar X bai kai 4 ba da kanta, 1 − 3e^(−2), ta samu kusan 0.59, sai ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta ce, "Ke nan yawancin lokuta jiran bai ma kai matsakaicin ba." Haka ne, kuma haka abin yake a yawancin densitin da ke da ƙololuwa ɗaya da doguwar wutsiya ta dama.

Mako na uku: M(t) da amsar da ta yi kama da gaskiya

M(t) shi ne E[e^(tX)], wato intigiral na e^(tx) f(x). Amfaninsa yana cikin jerin e^(tX) = 1 + tX + t²X²/2! + …, in aka ɗauki matsakaicin kowace gaɓa, E[X] zai zauna kusa da t, E[X²] kusa da t²/2!, haka har gaba. Deribatif na farko a t = 0 yana ba da E[X], na biyu yana ba da E[X²].

Ta haɗa e^(tx) da e^(−x/2) suka zama e^(−(1/2 − t)x), ta yi amfani da ƙa'idar makon farko da n = 1 da a = 1/2 − t:

```
M(t) = (1/4) / (1/2 - t)² = (1 - 2t)^(-2)
```

Tsarin daidai ne, kuma ta duba M(0) ta ga 1, kamar yadda ya wajaba ga kowane M(t). A wajen deribatif ne aka sami tangarɗa. Ta sauko da −2, ta rage ƙarfin da ɗaya, amma daga deribatif ɗin abin da ke cikin baka, wato −2, alamar kawai ta ɗauka ta bar lambar. Sai ta samu 2(1 − 2t)^(−3), a t = 0 ya ba da 2. Na biyu ya ba ta 6. Bariyans ya fito 6 − 4 = 2.

Wannan kuskuren ya fi na farko wuyar kamawa. Bariyans bai faɗa ƙasa da sifili ba. M(0) yana nan 1. Ga shi kuma 2 ita ce lambar da zanen ya nuna mata tun makon da ya wuce, don haka ta zo da takardar tana ganin M(t) ya goyi bayanta. "Malam, ka ga dai 2 ɗin nan ta sake fitowa," in ji ta.

Ban nuna mata layin da kuskuren yake ba. Na ce ta ajiye deribatif, ta buɗe (1 − u)^(−2) a matsayin jeri, wanda ta sani tun kalkulas: 1 + 2u + 3u² + 4u³ + …, sannan ta sa u = 2t.

```
M(t) = 1 + 4t + 12t² + 32t³ + ...
E[X]  = 4
E[X²] = 12 × 2! = 24
E[X³] = 32 × 3! = 192
```

Hanya biyu, intigiral kai tsaye da jeri, sun ba da 4 da 24. Deribatif ɗinta kaɗai ya bambanta, kuma cikin minti kaɗan ta gano inda dokar sarƙa ta kuɓuce mata. Da ta gyara: M′(t) = 4(1 − 2t)^(−3), M″(t) = 24(1 − 2t)^(−4).

A nan na ƙara mata wata hanya, saboda ɗalibai da yawa kan rubuta M″(0) su kira shi bariyans, alhali E[X²] ne, sai an debe sikwayar matsakaici. In aka ɗauki K(t) = ln M(t), a nan −2 ln(1 − 2t), deribatif na farko 4/(1 − 2t) ne, na biyu 8/(1 − 2t)². A t = 0 suna ba da 4 da 8 kai tsaye, matsakaici da bariyans, ba sai an yi debewa ba.

Mako na huɗu: t = 1

A gwajin aji an tambaye su ƙimar E[e^X] ga wannan X ɗin. Ta gane cewa M(1) ake nufi, ta sa t = 1 a tsarin: (1 − 2)^(−2) = 1. Fiye da rabin rukunin haka suka rubuta.

Amsar ba ta yiwuwa, kuma ana iya ganin haka ba tare da intigiral ba. X ya fi sifili, don haka e^X ya fi 1 a kowane hali, matsakaicinsa ba zai zama 1 ba. Ƙa'idar Jensen, wadda ya wallafa a 1906, ta ma ce E[e^X] ba zai gaza e^(E[X]) ba, a nan e⁴, kusan 54.6.

An koma layin da aka yi amfani da n!/a^(n+1). Sharaɗinsa a > 0 ne, kuma a nan a = 1/2 − t, saboda haka t < 1/2. Ta san sharaɗin a makon farko, amma a lokacin a lamba ce tsayayya, babu abin dubawa. Da t ya shiga cikin a, sharaɗin ya zama ɓangare na amsar. In t = 1, abin da ke cikin intigiral (1/4) x e^(x/2) ne, yana ƙaruwa ba iyaka, intigiral ɗin bai tsaya a kowace lamba ba. E[e^X] ba shi da iyaka. Ta lissafa M(t) yayin da t ke matsowa rabi: M(0.4) = 25, M(0.45) = 100, M(0.49) = 2500. Bayan rabi tsarin (1 − 2t)^(−2) yana ci gaba da ba da lambobi masu kyan gani saboda sikwaya tana haɗiye alamar debewa, sai dai waɗannan lambobin ba su da alaƙa da X. Da ƙarfin −1 ne ko −3, da amsar ta fito ƙasa da sifili ta tona kanta.

Cikakkiyar amsar da ta rubuta a gyaranta ita ce:

```
M(t) = (1 - 2t)^(-2),   t < 1/2
```

Ta kuma yi wani bincike da ban sa ta ba. Jiran kira na biyu jira biyu ne a jere, kowanne mai densiti (1/2)e^(−x/2), matsakaicinsa 2, bariyans ɗinsa 4, M(t) nasa (1 − 2t)^(−1). In jiran biyu ba su dogara da juna ba, M(t) na jimillarsu ninkin nasu ne, wanda ya ba da (1 − 2t)^(−2) daidai; matsakaici 2 + 2 = 4, bariyans 4 + 4 = 8. Densitin na dangin gamma ne, kuma shi ne dai rarrabuwar χ² mai darajar 'yanci 4, irin wadda Karl Pearson ya yi amfani da ita a gwajinsa na 1900. A rarrabuwar χ² matsakaici yana daidai da darajar 'yanci, bariyans ninkinta biyu.

Ƙarshen zango: densitin da ba ta taɓa gani ba

A jarrabawar zango an ba su wani densiti na irin Pareto: f(x) = c/x³ ga x ≥ 1. Takardarta ta bi wannan tsarin. Ta fara da neman c, ta samu 2. E[X] intigiral ne na 2/x² daga 1 zuwa ∞, ya ba da 2. E[X²] intigiral ne na 2/x, wanda daga 1 zuwa b yake ba da 2 ln b. A gefen takarda ta rubuta ƙimarsa a b = 10 da 100 da 1000: 4.6, 9.2, 13.8. Ta kammala cewa E[X²] ba shi da iyaka, don haka bariyans ba shi da iyaka, ko da yake matsakaici yana nan. Game da M(t) ta rubuta cewa ga kowane t > 0, e^(tx) yana rinjayar x³ a can nesa, intigiral bai tsaya ba, saboda haka babu tazara a kewayen sifili da M(t) yake da ƙima a ɓangarori biyu, kuma ba za a ciro momen daga gare shi ta hanyar da aka saba ba.

Ta rasa maki a wuri ɗaya. An tambayi abin da ke faruwa ga t ≤ 0, ta ce nan ma babu, alhali a can e^(tx) bai wuce 1 ba, intigiral ɗin yana da ƙima.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Cikin kurakuran makonni huɗun, ɗaya ne kawai na kalkulas, wato dokar sarƙa. Sauran ukun, barin k da yanke wutsiya a 10 da sa t = 1, duk sun fito ne daga yin aiki da tsarin f(x) ba tare da sharuɗɗan da ke tare da shi ba: jimillar fili 1, iyakokin x, da wurin da intigiral yake tsayawa. Ƙarin atisayen intigireshan da ba zai taɓa su ba, tunda intigiral ɗinta daidai suke tun takardar farko.

Dabarun da ta fara kamawa da kanta ba su yi aiki ba saboda dalilai daban-daban. Soke alamar debewa ya share shaida ɗaya tilo da ke nuna cewa akwai matsala a sama. Teburin lambobi dabara ce mai kyau, amma an zaɓi wurin tsayawa ta kallon f(x), alhali x² f(x) ya kamata a kalla, wanda ƙololuwarsa tana x = 6 kuma a 10 bai kusa kwanciya ba. Duba M(0) = 1 yana kama kuskuren k, amma ba ya ganin kuskuren deribatif, ba ya kuma cewa komai game da iyakar t.

Abin da ya kama kowane kuskure shi ne samun amsa ɗaya ta hanyar da ba ta bi ta matakin da ake zargi ba: ma'anar bariyans ta asali a kan gajeriyar hanya, jeri a kan deribatif, sanin cewa e^X ya fi 1 a kan tsarin M(t). A ganina jerin ne ya fi sauya mata fahimta, don daga ranar ta daina kallon M(t) a matsayin tambaya ta uku mai zaman kanta, ta koma ganin 4 da 24 zaune a cikinsa. Kuskuren jarrabawa kuwa ya nuna abin da bai gama zama ba: ta koyi tambayar ko intigiral yana tsayawa, amma ta yi tambayar a ɓangaren t mai hatsari kawai, ta yanke wa ɗaya ɓangaren hukunci ba tare da ta sa lamba ko ɗaya ta gani ba.